Littafin Adashi: Wa Ke Bi, Wa Ake Bi?

Rigimar adashi ba kasafai take farawa daga sata ba. Yawanci daga mantuwa take tasowa. Wata ta rantse ta aiko yaro da zubinta ranar Juma'ar da ta wuce, uwar adashi ta rantse ba ta ga yaro ba. Wata ta ce cikon da aka yi mata kyauta ce, wadda ta cika ta ce rance ne. Kowace tana iya zama mai gaskiya a zuciyarta, sai dai babu abin da za a buɗe a duba. In ma akwai littafi, sau da yawa jerin sunaye ne kawai da alamar maki a gaban kowane suna, wato ya nuna wadda ta zuba, amma bai nuna nawa take bi ko nawa ake binta ba.

Wannan giɓin shi ne tushen matsalar. Adashi ajiya ne kuma bashi ne a lokaci guda. Daga ranar da aka yi ɗaukar farko har zuwa ta ƙarshe, kowace 'yar adashi ko dai tana bin sauran kuɗi, ko kuma su suna binta. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma a adashi maganar haka take babu ƙari. Saboda haka littafin da ya amsa sunansa shi ne wanda za a buɗe kowace rana, a kira sunan mutum, a faɗa masa matsayinsa da adadi guda ɗaya. Rubuta bashi kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu: aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take.

Adashin da za mu bi

Bari mu kafa misali, mu bi shi har ƙarshe. Mata goma ne a unguwa ɗaya suke adashin mako. Kowace Juma'a kowace tana zuba naira 5,000, a haɗa naira 50,000 a ba wadda layi ya zo kanta. Ban da wannan, sun amince kowace ta ƙara naira 500 a wani asusu na gefe, wanda ba a kwashe shi kowane mako. Daga cikinsa ake ba da rance idan wata ta shiga matsi, a ƙarshen zagaye kuma a raba. An yi ƙuri'a, mai ƙosai ta zo ta ɗaya, mai ɗinki ta biyu, mai kitso ta uku, mai awara ta huɗu, mai sayar da atamfa ta biyar, haka har zuwa ta goma. Mai waina ita ce ta takwas.

Littafin da ake bukata ba wani na musamman ba ne. Littafin rubutu na 'yan makaranta mai kauri ya wadatar, muddin an sa wa shafukansa lamba tun daga farko, don kada a yage wani a rasa ganewa. A shafin farko ake rubuta sharuɗɗan da aka amince da su: yawan zubi, ranar zubi, jerin ɗauka, abin da za a yi wa wadda ta makara, da tukwicin uwar adashi idan akwai. Daga nan sai a raba littafin gida uku. Akwai shafin ranar zubi, akwai shafin kowace mace ita kaɗai, akwai kuma shafukan asusu da rance.

Shafin ranar zubi shi ne wanda kowa ya saba da shi. Sunaye suna jere daga sama zuwa ƙasa, makonni kuma daga hagu zuwa dama. Gyara ɗaya yake bukata: a daina sa maki, a riƙa rubuta adadin kuɗin. Maki ba ya bambanta wadda ta kawo 5,000 da wadda ta kawo 3,000 ta ce za ta ciko da yamma. A ƙasan kowane mako a haɗa jimla, a rubuta sunan wadda ta ɗauka da abin da aka damƙa mata, ta sa hannu ko ta dangwala yatsa, mutum biyu su shaida.

Shafin mutum ɗaya

Shafi na biyu shi ne zuciyar littafin, kuma shi ne aka fi rasawa. Kowace mace tana da nata, an ja masa layuka biyar: mako, abin da ta zuba, jimlar zubinta zuwa ranar, abin da ta ɗauka, sai matsayinta. Lissafin matsayi ba shi da wuya. A kwatanta jimlar abin da ta zuba da abin da ta ɗauka. Idan zubi ya fi yawa, tana bi. Idan ɗauka ta fi yawa, ana binta. Ga shafin mai ɗinki bayan mako huɗu:

| Mako | Zubi | Jimlar zubi | Ɗauka | Matsayi |
|---|---|---|---|---|
| 1 | 5,000 | 5,000 | babu | tana bi 5,000 |
| 2 | 5,000 | 10,000 | 50,000 | ana binta 40,000 |
| 3 | 5,000 | 15,000 | babu | ana binta 35,000 |
| 4 | 5,000 | 20,000 | babu | ana binta 30,000 |

A mako na farko ita ke bin adashi 5,000. A mako na biyu ta kwashi 50,000 alhali 10,000 kawai ta zuba, don haka 40,000 na hannunta kuɗin mutane ne. Daga nan kowane zubi biyan bashi ne, yana rage 5,000, har ya kai sifili a mako na goma. Shafin mai waina kuwa akasin haka yake tafiya. Abin da take bi yana hawa, 5,000, 10,000, 15,000, har ranar ɗaukarta.

Yanzu a haɗa shafukan goma a mako na huɗu. Mata huɗu sun ɗauka, kowace ana binta 30,000, jimla 120,000. Mata shida ba su ɗauka ba, kowace tana bin 20,000, jimla 120,000. Adadin biyu sun yi daidai, kuma dole su yi daidai, domin uwar adashi ba ta riƙe da komai na zubin. Duk abin da ya shigo ya fita a ranar. Wannan shi ne awon farko na littafi: abin da ake bin waɗanda suka ɗauka ya zo daidai da abin da sauran ke bi. Idan ɓangaren masu bi ya fi yawa, to akwai kuɗin da aka karɓa ba a miƙa ba, kuma ya kamata a gan su a hannun uwar adashi. Idan ba sa nan, a ranar za a tambaya, ba sai bayan wata biyu ba.

Haɗa shafukan yana nuna wani abu da ido ba ya gani. A mako na farko bashin da ke waje 45,000 ne, duka a kan mutum ɗaya. A mako na biyar ya kai ƙololuwa, mata biyar kowace da 25,000, jimla 125,000, wato ninki biyu da rabi na abin da ake kwasa. Daga nan yake sauka. Shi ya sa adashi ya fi rugujewa a tsakiyarsa, lokacin da rabin mutane sun riga sun karɓa, ɗokin zubi ya ragu. Shi ya sa kuma gogaggun iyayen adashi ba sa sa baƙuwa a farkon layi. Wadda ta ɗauka a farko rance aka ba ta ba tare da jingina ba, wadda ke ƙarshe kuwa ita ce mai ba da rancen.

Idan wata ta shiga da hannu biyu, shafi biyu za a buɗe mata, domin ɗauka biyu take da su a makonni daban-daban. Idan mutum biyu suka haɗa hannu ɗaya, kowace 2,500, a raba shafin biyu kowace da layinta. In ba haka ba, ranar da 2,500 kaɗai ta iso ba za a san wadda ta gaza ba. Haka nan idan biyu suka yi musayar layi, misali saboda biki ya taso wa ɗaya, a rubuta musayar a shafin farko da kwanan wata, dukansu su sa hannu.

Ranar da zubi bai cika ba

A mako na biyar sai mai ɗinki ta aiko da 500 ta asusu kawai, ta ce keken ɗinkinta ya lalace, a yi mata haƙuri. Abin da aka tara 45,000 ne, ga mai atamfa tana jiran 50,000. Hanya uku ce a gaban taron, kuma kowace da yadda ake rubuta ta.

Ta farko, a ba mai atamfa 45,000 ta jira cikon. A shafinta ɗaukar 45,000 za a rubuta, ba 50,000 ba, da bayanin cewa saura 5,000. A shafin mai ɗinki kuma a rubuta sifili a zubin makon, matsayinta ya tsaya a 30,000. Abin lura a nan shi ne awon da muka yi ɗazu zai fito daidai duk da haka. Mai ƙosai, mai kitso da mai awara, 25,000 kowace, 75,000 ke nan. Mai ɗinki 30,000. Mai atamfa ta zuba 25,000 ta karɓi 45,000, ana binta 20,000. Jimla 125,000, daidai da abin da mata biyar na baya ke bi. Wato awon yana tabbatar da cewa kuɗi ba su ɓace ba, amma ba ya tona wadda ta makara. Don haka a gefen kowane mako ana rubuta jimlar zubin da ya kamata kowa ya kai. A mako na biyar 25,000 ce. Duk wadda jimlarta ta gaza haka, bambancin shi ne bashin da lokacinsa ya wuce. A cikin 30,000 da ake bin mai ɗinki, 25,000 lokacinsu bai yi ba, babu mai ikon matsa mata a kansu. Dubu biyar ɗin ce ta makara, kuma a kanta kaɗai za a yi magana.

Hanya ta biyu, uwar adashi ta cika daga aljihunta don ta rufa asiri. Wannan ita ce aka fi yi, kuma ita ce ta fi haifar da rigima. Uwar adashi takan sa wa mai ɗinki maki kamar ta zuba, ta riƙe maganar a ka. Bayan mako shida littafi yana cewa mai ɗinki ta biya, ita kuma uwar adashi ba ta da hujja sai bakinta. Idan har za a cika, a rubuta 5,000 ɗin a layin mai ɗinki da bayanin wadda ta biya mata, sannan a buɗe layin bashi tsakaninsu a shafin rance.

Hanya ta uku ita ce dalilin kafa asusun gefe. A ciri 5,000 daga asusu a cika, mai atamfa ta tafi da 50,000 cur. A shafin adashin mai ɗinki zubi ya shiga, an rubuta "daga asusu" a gefensa, matsayinta ya sauko 25,000. A shafin rance kuma an buɗe mata bashin 5,000. Haɗe, 30,000 ɗin dai ake binta, sai dai yanzu an san ɓangaren da za ta biya ta hanyar zubi da wanda za ta mayar wa asusu. Matanmu na misali wannan hanyar suka bi.

Shafin rance da kuɗin akwati

Kuɗin asusu, ba kamar na zubi ba, suna kwana a hannu, don haka sun fi bukatar tsaro. Abu biyu ake rubuta musu. Na farko shafin shiga da fita, inda kowace naira da ta shiga akwati ko ta fita take da layinta, a ƙarshe a rubuta abin da ya rage. Na biyu shafin kowane rance: ranar karɓa, adadi, ranar da aka yi alkawarin biya, kowane biya da kwanan watansa, da saura. Ba a haɗa rance biyu a layi ɗaya ko da na mutum ɗaya ne.

Mu bi kuɗin. Zuwa mako na biyar an tara 25,000, an ranta wa mai ɗinki 5,000, saura 20,000 a akwati. A mako na shida 5,000 ta shigo, suka zama 25,000. A ranar mai waina ta nemi rancen 15,000 don ta ƙara shinkafa da mai. Kafin a amsa mata sai aka buɗe shafinta. Ba ta ɗauka ba tukuna, tana bin adashi 30,000, tana da 3,000 a asusu, kuma ɗaukarta saura mako biyu. Rancen 15,000 a wurinta ba shi da haɗari, domin akwai inda za a cire. Da mai ɗinki ce ta nemi wannan adadin, shafinta zai nuna ana binta 20,000 na adashi da 5,000 na asusu, ga shi babu wata ɗauka a gabanta. Ba sai an yi mata kallon banza ko an tono halinta ba. Ƙa'idar da aka rubuta a shafin farko ita za ta yi magana, misali cewa wadda ta riga ta ɗauka ba ta rantar fiye da abin da take da shi a asusu sai da mai tsaya mata.

An ba mai waina 15,000, akwati ya koma 10,000. A mako na bakwai 5,000 ta shigo, mai ɗinki ta rage 2,000, mai waina ta rage 5,000. Akwati ya kamata ya zama 22,000. Ga awo na biyu: kuɗin da ke akwati, a haɗa da bashin da ke waje, su ba da jimlar abin da aka tara tun farko. Ana bin mai ɗinki 3,000, ana bin mai waina 10,000, jimla 13,000. A haɗa da 22,000, an sami 35,000, daidai da 5,000 sau bakwai. Idan ƙungiya tana cin tarar makara, ko tana sayen littafi da biro daga asusu, tara tana da layinta a ɓangaren shiga, kashewa kuma a ɓangaren fita, a sa su cikin awon. Ƙungiyoyi da yawa a ƙasar Hausa ba sa ɗora komai a kan rance don gudun riba. Waɗanda ke karɓar wani ƙari kuwa, kada su cuɗa shi da uwar kuɗi, in ba haka ba saura ba zai taɓa fitowa daidai ba.

Idan lissafi ya ƙi haɗuwa

A ce an ƙirga akwati a mako na bakwai sai aka sami 20,000 maimakon 22,000. Kafin a fara kallon juna, a dubi girman giɓin, domin shi kansa yakan nuna inda kuskure yake. Dubu biyu ce ta ɓace, to wace 2,000 ce ta motsa a ranar? Biyan mai ɗinki. Aka tambaya, ashe taransifa ta yi zuwa asusun bankin uwar adashi, an rubuta a littafi, amma ba a ciro kuɗin an sa a akwati ba.

Irin wannan ya yawaita tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da adashi da yawa suka koma karɓar zubi ta waya. Maganinsa layi ɗaya ne a shafin ranar zubi, inda za a nuna "hannu" ko "waya" a gaban kowane adadi, a kuma fitar da saura biyu, na akwati da na banki. Kada a rubuta kuɗin waya don an nuna hoton rasit. Sai mai karɓa ta buɗe asusunta ta ga sun shiga, saboda akwai alat na bogi, akwai kuma taransifar da ke maƙalewa ta koma wa mai ita. Kuɗin da mai shagon cirar kuɗi ke caja shi ma a yanke tun farko wa zai biya, domin 'yan ɗaruruwan nan ne ke taruwa su zama giɓin da ba a san asalinsa ba.

Akwai wasu alamu biyu da masu lissafi suka daɗe da sani. Idan giɓin ya ninka wani adadi da aka rubuta a ranar sau biyu, to an sa adadin a ɓangaren da ba nasa ba. Da magatakarda ta ƙara 2,000 ɗin mai ɗinki a kan bashinta maimakon ta rage, da saura ya zama 7,000 maimakon 3,000, awon ya ba da 39,000, wato ya haura da 4,000. Idan kuma giɓin yana rabuwa da tara ba saura, a nemi inda aka juya lambobi, kamar a rubuta 5,400 a wurin 4,500, wanda bambancinsu 900 ne. In an gano kuskure, ba a gogewa kuma ba a shafa farin ruwan gyara. A ja layi ɗaya a kai yadda tsohon adadin zai karantu, a rubuta sabon a sama, mutum biyu su sa hannu. Da biro ake rubutu, ba da fensir ba.

Wani tarko yana jira a mako na takwas, ranar ɗaukar mai waina. Ana binta 10,000 na asusu, aka cire, aka miƙa mata 40,000. Idan aka rubuta ɗaukarta 40,000, shafinta zai nuna a ƙarshen zagaye tana bin adashi 10,000 da ba ta bi. Abu biyu ne suka faru, don haka layi biyu ake rubutawa: ɗauka 50,000 a shafin adashi, biyan rance 10,000 a shafin rance, a kuma ga 10,000 ɗin ta shiga akwati.

Littafi a gaban kowa

Duk kyawun littafi, idan mutum ɗaya ne ke karɓar kuɗi, ya rubuta, ya ajiye, to maganarsa kawai aka mayar rubutu. A nan akwai darasi daga Nijar. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi, inda mata ke tara kuɗi a akwati suna ranta wa juna, su raba a ƙarshen zango. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. A yadda ake gudanar da shi yau, akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mutum uku, mai ajiye akwatin kuma ba ta riƙe ko ɗaya. Mai rubutu daban, masu ƙirga kuɗi biyu daban. Kowace mace tana da ɗan littafinta da ake buga wa hatimi, hatimi ɗaya a madadin zubi ɗaya, don wadda ba ta yi karatu ba ta iya ƙirga nata. Rance bisa al'ada ba ya wuce ninki uku na abin da mutum ya tara. Kafin a tashi ana faɗin abin da ya rage a akwati da ƙarfi, a zama na gaba kuma a tambayi taro nawa aka bari kafin a buɗe.

Wannan tsarin na tarawa ne, ba na ɗauka bi da bi ba, amma adashin unguwa zai iya aron abu uku daga cikinsa ba tare da ya sayi akwatin ƙarfe ba. A raba mai rubutu da mai riƙe kuɗi. A ba kowace mace kati ko ɗan littafi da magatakarda za ta cike a gabanta, ta tafi da shi gida. Idan zubi ta hannun yaro ake aikowa, kamar yadda matan kulle da yawa ke yi, katin ya tafi tare da kuɗin ya dawo da sa hannu. Sannan a karanta matsayin kowa a bainar taro: "Hajiya, kin zuba 35,000, ba ki ɗauka ba, kina bin 35,000." Minti biyar ya isa a karanta shafi goma. Mai wayar da ke ɗaukar hoto kuma ta ɗauki shafin ranar ta tura wa sauran, saboda gobara, ruwan sama da gara ba sa tambayar littafin waye.

Amfanin shafin mutum ɗaya ya fi bayyana ranar da mai shi ba ya nan ya yi bayani. Da mai waina ta rasu a mako na shida bayan ta karɓi rance, shafinta zai nuna tana bin 30,000 na adashi da 3,000 na asusu, ana binta 15,000, wato magadanta suna da 18,000. Zai kuma nuna cewa yawancin kuɗin suna hannun waɗanda suka riga suka ɗauka, don haka sai an yi haƙuri a tattaro su. Da mai ɗinki ce, shafin zai nuna bashin da ya kamata a fitar daga abin da ta bari kafin a raba gado. Ba tare da rubutu ba, nauyin yana iya zama a kan mamaciya babu wanda ya sani, ko haƙƙin marayu ya narke a hannun mutanen da ba su yi niyyar ci ba.

Rufe zagaye

A mako na goma ta ƙarshe ta ɗauka, kuma kowane shafin adashi ya kamata ya nuna zubi 50,000, ɗauka 50,000, matsayi sifili. Sai a koma kan asusu. Kowace ta tara 5,000, jimla 50,000. Idan har ranar mai ɗinki ba ta biya 3,000 da ta rage ba, akwati zai kasance da 47,000. Mata tara su karɓi 5,000 kowace, 45,000 ke nan, mai ɗinki ta karɓi 2,000, a rubuta cewa an cire bashinta daga rabonta, a rufe shafin rancenta.

Kada a ɗauki wani saura daga tsohon zagaye a cusa shi cikin sabo da baki kawai. Idan akwai bashin da ya fi ƙarfin rabon mai shi, a buɗe masa shafi a sabon littafi da adadinsa da ranar biya, mai bashin ta sa hannu. Kuma kafin a sake yin ƙuri'a, a buɗe tsohon littafin a duba wa ya makara, sau nawa, kuma a wane mako. Wadda ba ta taɓa fashi ba har bayan ta ɗauka ta cancanci farkon layi. Wadda zubinta ya fara tangarɗa daga makon da ta kwasa, a ba ta lamba ta ƙarshe ko kusa da ita, inda za ta zama mai bi har zagayen ya kusa ƙarewa.